Yadda Ake Riƙe Ƙwai a Kajin Gidan Gona: Haske, Kalsiyam da Lokacin Ba da Abinci

Duk wanda ya yi kiwon kajin ƙwai a Zariya ya san wannan abu. Yau kana kwashe kiret shida, bayan sati biyu ka ga kana neman huɗu da rabi da ƙyar, alhali babu kazar da ta mutu, babu mai tari, abincin ma shi ne dai wanda ka saba saye. Abin da akasarinmu ke yi shi ne mu garzaya Sabon Gari ko Samaru mu sayo magani mu zuba a ruwa. Sau da yawa ba cuta ba ce. Tsarin yinin kazar ne ya rikice.

Kaza tana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ta haɗa ƙwai ɗaya, kuma kusan awa 20 daga ciki a kan ɓawo kaɗai suke tafiya. Yawancin kaji da safe suke yin ƙwai. Kamar rabin awa bayan ta ajiye na yau, gwaiduwar na gobe ta kamo hanya, zuwa yamma ta isa inda ake yi mata ɓawo, a can za ta kwana. Wato aikin ɓawo aikin dare ne, lokacin da ɗaki ya yi duhu kuma kazar ba ta cin komai. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin duk zai zo maka da sauƙi, domin haske shi ke gaya wa jikinta ta ci gaba da ƙwai, abincin yamma kuma shi ne guzurin da take shiga dare da shi, kalsiyam, wato sinadarin da ake yin ɓawo da shi, yana cikin guzurin nan.

Zan yi misali da kaji 200, jajayen nan irin Isa Birawun, ko kuwa Shika Birawun wanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar, a ɗaki mai waya a gefe da ɓuntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa. Mai hamsin ya raba lissafin gida huɗu, mai dubu ya ninka sau biyar.

Fara da haske

Kazar ƙwai tana buƙatar haske na awa 16 a kowace rana. Rana a Zariya ba ta ba da haka. A watan Disamba tsawon yini bai wuce awa goma sha ɗaya da rabi ba, a watan Yuni kuma ya ɗan haura sha biyu da rabi. Saura awa uku da rabi zuwa huɗu da rabi ke nan da za ka cika da fitila. Kuma akwai wani abu da ya fi yawan awannin muhimmanci: kaza tana lura da ko yini yana ƙaruwa ne ko yana raguwa. In yana ƙaruwa, jikinta ya ɗauka lokacin haihuwa ne. In yana raguwa, sai ta fara ja da baya, wata ma ta soma zubar da gashi ta tsaya cak. Shi ya sa kajin da aka bari da hasken rana kaɗai suke yin sanyi daga kaka zuwa hunturu.

Ƙa'idar guda biyu ce. Kada ka ƙara wa 'yan matan kaji tsawon haske tun ba su isa ba, kuma kada ka rage wa masu ƙwai.

Ga masu tasowa, ka jira su kai sati 17 ko 18, sannan ka ɗora su a sikeli. Ka kamo guda ashirin daga sassa daban-daban na ɗakin, ba waɗanda suka fi saurin zuwa hannu kaɗai ba. Idan matsakaicin nauyinsu ya kai wajen kilo 1.4 zuwa 1.5, sun isa. In bai kai ba, ka ƙara musu sati ɗaya ko biyu kana ciyarwa, kada ka taɓa fitila. Na san yadda jiran nan yake da ciwo ga wanda ya kwashe wata huɗu yana zuba kuɗi bai ga ko ƙwai ɗaya ba. Amma kazar da aka tilasta wa fara ƙwai da ƙaramin jiki, ƙananan ƙwai za ta yi ta yi, dubura ta riƙa fito mata, 'yan uwanta su ga ja su caccake ta, kuma ba za ta daɗe a kan ganiyarta ba.

Idan sun isa, ka kai su awa 13 a satin farko, sannan ka riƙa ƙara rabin awa duk sati. Cikin sati shida kun kai 16, sai ka tsaya a nan har ranar da za ka sayar da su. Ni da asuba nake fara ƙarin, saboda lokacin akwai sanyi kuma kaji sun fi cin abinci. In kuwa masu shirin fara ƙwai ka sayo daga wata gona, ka tambayi mai su awa nawa yake ba su. Idan yana ba su 14 ka kawo su gidanka suka koma 12, ka rage musu ke nan, kuma za su yi jinkirin farawa.

Jadawalin da ya dace da garin nan shi ne yinin kaji ya fara ƙarfe 4:30 na asuba, ya ƙare 8:30 na dare. Ka kunna fitila 4:30, ka kashe ƙarfe 7 da gari ya waye sosai. Ka sake kunnawa 5:30 na yamma tun rana ba ta faɗi ba, ka kashe 8:30. A damina, ranar da hadari ya rufe gari ɗakin ya yi duhu da rana tsaka, ka kunna musu. Mutane da yawa da kiran salla suke aiki, a kunna da kiran asuba a kashe bayan isha'i. Ya fi babu, sai dai lokutan salla suna matsawa da tafiyar shekara, kuma ranar da ka makara kaji sun makara. Ƙaramar na'urar nan mai kunnawa da kashewa da kanta, wadda masu kayan wuta ke kira taima, ta fi kowane ɗan aike riƙon alkawari.

Game da wutar gari kuwa, ban ga yadda za a ɗora ƙwai a kanta ba. A kawo yau har tsakar dare, gobe a ɗauke tun magariba, kaza ta samu awa 17 yau, gobe 12. Wannan hawa da sauka ya fi a bar ta a kan awa 13 tsayayye illa. Ɗakin kaji 200 mai faɗin mita 4 da tsawon mita 9, gulob shida masu wat 5 irin na zamani marasa cin wuta sun ishe shi. Jimla wat 30 ke nan, na awa biyar da rabi a rana. Faifan sola ɗaya mai wat 100 da batir mai amfiya 40 za su riƙe shi, muddin ba a jona cajin waya da fanka a kai ba. Ka rataye su kamar mita biyu daga ƙasa, layi biyu, yadda babu lungun da ya rage da duhu, domin lungu mai duhu nan kaji ke komawa yin ƙwai a ƙasa. In da zaɓi, ka ɗauki masu haske ja-ja a kan farare tas, don jan haske ya fi ratsa kan kaza ya motsa ta. Gwajin ƙarfinsa mai sauƙi ne: ka tsuguna a bakin mazubin abincin da ya fi nisa da fitila, ka buɗe jarida. In ka karanta ƙananan rubutu ba tare da ƙanƙance ido ba, ya isa. In ya yi yawa har yana kashe ido, za su fara tsattsagar juna.

Da hunturu, ka goge gulob da faifan solar duk sati. Ƙurar Janairu tana iya cinye hasken ba ka lura ba, saboda a hankali take taruwa.

Wasu na barin fitila har safe, wai don kaji su ci da yawa. Kada ka yi. Ba ya ƙara ƙwai, yana hana su hutu, yana kawo faɗa, kuma ranar da fitilar ta mutu za ka ga sun firgita sun haye kan juna.

Kalsiyam: yawansa, girmansa da lokacinsa

Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kalsiyam kamar giram 2. Jikin kaza ba ya iya tsotse duk abin da ta ci, kusan rabi yake amfana da shi, don haka tana buƙatar cin giram 4 zuwa 4.5 kullum. Idan abin da ke cikin hanjinta ya ƙare da dare alhali ɓawo bai kammala ba, ba ta dakatawa. Daga ƙashinta take cira. An halicce ta da wani ɗan ajiya a cikin ƙashi saboda haka, kuma tana mayar da shi da rana. Amma idan kullum cirar ta fi mayarwa, ɓawo ya fara siranta, daga nan ƙashi ya yi laushi, ka tarar da kaza zaune ta kasa tashi, idonta garau, tana ci in ka kawo mata abinci kusa. An fi ganin wannan a kajin keji. Ka ɗaga ta ka shafa ƙashin ƙirjinta. In ka ji ya lanƙwashe ko yana lotsawa, an daɗe ana cin bashin ƙashin.

Abin da ake ba da kalsiyam da shi a wurinmu uku ne: niƙaƙƙen dutsen da masu kayan abincin kaji ke kira laimiston, ɓawon kawa da suke kira oista, da garin ƙashi. Na farko da na biyu kusan kashi 36 zuwa 38 cikin ɗari na nauyinsu kalsiyam ne. Garin ƙashi nasa bai kai haka ba, amfaninsa shi ne fosfaros ɗin da ke cikinsa, wanda kaza ke buƙata wajen mayar da abin da ta cira a ƙashi. Kada wani ya ruɗe ka da farar ƙasar shafe bango. Wannan an ƙona ta, tana cin baki da maƙogwaro, ba ta shiga abincin kaji.

A nan ne nake ganin an fi yin kuskure, kuma kuskuren ba a yawa yake ba, a girman tsakuwar ne. Laimiston da aka niƙa ya zama gari kamar fulawa yana narkewa nan da nan, cikin 'yan awanni ya wuce. Kaza ta ci shi da safe, kafin dare babu shi. Mai tsakuwa-tsakuwa kuwa, girman milimita 2 zuwa 4, wato tsakanin ƙwayar gero da ta dawa, yana zama a ƙundu yana narkewa kaɗan-kaɗan har tsakar dare, daidai lokacin da ake nemansa. In ka yanka tsohuwar kaza da safe ka buɗe ƙundunta, za ka ga fararen tsakuwoyin nan gefensu ya side kamar alewar da aka tsotsa. Don haka kashi biyu cikin uku na laimiston ɗinka ya zama mai tsakuwa, ɗaya ya zama gari. In ka je saye, ka zura hannu cikin buhun ka murza, kada ka tsaya ga abin da aka gaya maka.

Akwai lokuta biyu da ake canza yawan kalsiyam. Na farko wajen fara ƙwai. Abincin masu tasowa kalsiyam ɗinsa kusan kashi 1 ne cikin ɗari, na masu ƙwai kuma 3.5 zuwa 4. In ka ba ƙananan kaji abincin masu ƙwai tun suna sati 12 ko 13, ƙodarsu za ta wahala. In kuma ka bar su a kan na masu tasowa har suka fara ƙwai, ƙashinsu zai biya. Hanyar tsakiya ita ce, kamar kwana goma kafin ƙwan farko, lokacin da zankonsu ya fara girma ya yi ja, ka haɗa abincin biyu rabi da rabi. Da ka tsinci ƙwai na farko-farko, ka koma na masu ƙwai gaba ɗaya. Na biyu kuma idan sun haura sati 45 zuwa 50. Ƙwansu yana ƙara girma amma ɓawon da suke iya yi bai ƙaru ba, sai a shimfiɗa shi a kan babban ƙwai ya yi siriri. A nan ka riƙa barbaɗa giram 2 na mai tsakuwa ga kowace kaza a kan abincin yamma. Kaji 200, giram 400 ke nan.

Kada ka ce tunda yana da amfani bari in zuba da yawa. Idan ya wuce kima yana rage musu cin abinci, kuma za ka ga ƙwai da ƙuraje-ƙurajen fari a jikinsa.

Abinci da sa'ar ba da shi

Jar kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Mu ɗauki 115. Kaji 200 za su ci kilo 23, wato buhu mai kilo 25 saura kaɗan. Ka auna da sikeli. Kwano da tiya suna yaudara, saboda abinci mai dusa da yawa ya fi cika kwano alhali bai kai nauyi ba. In dole da kwano za a yi, ka auna cikinsa sau ɗaya da kowane sabon buhu ka san kilo nawa yake ɗauka.

Raba shi biyu, amma ba daidai ba. Kashi 40 cikin ɗari da asuba in an kunna fitila, kashi 60 da yamma. A lissafinmu kilo 9 da safe, kilo 14 bayan la'asar. Tsakanin sha biyu da biyu na rana ka bari mazuban su zama wayam. Dalilin shi ne kaza tana tsince manyan ƙwayoyin masara ta bar garin ƙasa, alhali a garin nan ne bitamin da sauran ƙananan sinadarai suke. In kullum kana tula sabo a kan tsoho, garin zai taru ya yi tsami a zubar, ka biya kuɗin abin da kajinka ba su ci ba. Bitamin D3 yana cikin abin da ke tafiya a haka, kuma in babu shi, ko dutse guda kaza ta haɗiye ba za ta tsotsi kalsiyam ɗin ba.

Wanda ke haɗa nasa, ga wani haɗi na kilo 100 da nake ganin ya tsaya daidai: masara kilo 57, tunkuzar waken suya 23, dusar alkama 8, laimiston 9, garin ƙashi 2. Kilo ɗayan da ya rage na ƙananan kaya ne: gishiri giram 300, haɗin bitamin da ake kira firimis na masu ƙwai 250, sinadaran gina jiki metiyonin 200 da laisin 100, da maganin kama gubar fumfuna 150. Wannan zai ba ka furotin wajen kashi 16 da rabi, kalsiyam kusa da kashi 4. Ƙananan kayan nan ka fara cuɗa su a cikin kilo biyar na dusa, sannan ka zuba a babban tulin, in ba haka ba wata kaza ta samu ninki, wata ta tashi a tutar babu. Kuma a ce wa mai inji kada ya niƙa laimiston tare da masara, a zuba shi bayan niƙa.

Ƙuli-ƙuli yana iya maye wani ɓangare na waken suya in ya yi araha, amma shi da masarar da aka ɗaure da danshi su ne gidan fumfuna, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Gubarta tana lalata hanta, ƙwai ya ragu, ɓawo ya lalace. Ka shinshina, ka fasa ka duba ciki. Buhuna kuma a ɗora su a kan katako nesa da bango, kada a tara abin da ya wuce na sati biyu zuwa uku da damina. In za ka canza kamfanin abinci, ka yi shi cikin kwana biyar zuwa bakwai kana gauraya tsoho da sabo.

Ruwa kuwa ninki biyu na abinci suke sha, kamar lita 50 ga kaji 200, jarka biyu. Da zafi ya kan kai jarka huɗu. Yini ɗaya babu ruwa yana iya cinye maka ƙwan sati biyu.

Abin da ya same ni a wata bazara

Kajina 200 suna sati 34, suna ba ni kiret shida cif, ƙwai 180. Da Afrilu ya kama, zafin nan da ke kusantar digiri 40 da rana, sai na ga 170, na ga 158, cikin kwana goma sha biyu na tsinci kaina a 135. Masu tsagewa sun yi yawa, kuma da safe ina tarar da ƙwai biyar ko shida marasa ɓawo a ƙasa, sai fata kawai, in ka ɗauka yana motsi a tafin hannu kamar ruwan leda.

Na je wajen wani dattijo da ya daɗe a harkar, can wajen Wusasa, ina tambayar wane magani zan saya. Ya ce, "Malam, kafin magani, buhu nawa suke ci yanzu?"

Na ce, "Baba, buhu ɗaya dai kamar kullum."

Ya ce, "Wanda kake zubawa ke nan. Wanda suke ci nake tambaya. Je ka auna ragowar."

Na auna kwana biyu. Ashe kilo 19 suke ci, ragowar yaron da ke taya ni yana juyewa a bayan ɗaki. Giram 95 ke nan ga kowace kaza maimakon 115. Lissafin ya fito fili. Abincin yana da kalsiyam kashi 3.8 cikin ɗari. A giram 115 kaza na samun wajen giram 4.4, a giram 95 kuwa 3.6 kawai. Furotin ma ya sauko daga giram 19 zuwa ƙasa da 16. Buhun bai canza ba, cikin kazar ne ya rage ɗauka. Ga kuma haki. Kaza ba ta gumi, da baki take fitar da zafi, kuma yawan hakin yana fitar mata da iskar da jininta ke buƙata wajen haɗa ɓawo. Shi ya sa ƙwan bazara ke da rauni ko da kalsiyam ya wadata.

Da na kwana biyu ina leƙa ɗakin da dare, na gano abu na uku. Batir ya tsufa, fitilar yamma tana mutuwa tun wajen bakwai da kwata. Sun yi asarar fiye da awa ɗaya na haske, kuma awar da ta fi kowace amfani, don a sanyin nan na bayan magariba ne za su ci abin da suka ƙi ci da rana. Laifina ne, na ɗora fitila na daina dubawa.

Ga abin da na yi, bi da bi. Na canza batir a ranar, na mayar da su 8:30. Na daina ba da abinci daga tara na safe har biyar na yamma, saboda narkar da abinci kansa yana ƙara wa jiki zafi, kuma kazar da ta cika ciki da hantsi ita ce ke faɗuwa da azahar. Babban kason ya koma ƙarfe biyar. Na ƙara giram 400 na laimiston mai tsakuwa a kan na yamma, wanda ya cike giɓin nan na kusan giram 0.8 ga kowace kaza. Na sa bekin soda giram 200 a kowane kilo 100 na abinci saboda hakin. Wani ya ce in sa kanwa tunda danginsu ɗaya, na ƙi, don kanwar kasuwa ba ka san ƙarfinta ba kuma tana iya sa su zawo. Ruwa kuma na koma ajiye shi a randuna cikin inuwa, ana canzawa sau uku, da bitamin C a na rana. Na shimfiɗa zana da karan dawa a kan kwanon rufin.

Abin da ya fi taimakawa shi ne fitilar tsakar dare. Na saita taima ta kunna daga sha biyu zuwa ɗaya na dare, da abinci da ruwa a mazubai. Kaji su tashi cikin sanyi su ci, su sha, su koma barci, kuma kalsiyam ya shiga daidai lokacin da ɓawo ke tsakiyar haɗuwa. Sharaɗinsa shi ne a samu duhu na aƙalla awa uku kafinsa da bayansa, don kada jikinsu ya ɗauka gari ne ya waye. Da jadawalin 8:30 zuwa 4:30 hakan ya samu. In za a janye shi bayan ruwa ya sauka, a riƙa rage minti goma sha biyar duk sati, kada a yanke rana ɗaya.

Ɓawo ne ya fara gyaruwa, cikin kwana huɗu marasa ɓawon suka ɓace. Ci ya hau zuwa kilo 21 da rabi. Yawan ƙwai kuwa bai motsa ba sai bayan fiye da sati, kuma wannan shi ne inda mutane ke karaya su sake canza wani abu. Gwaiduwa tana ɗaukar kwana takwas zuwa goma tana girma kafin ta zama ƙwai, don haka gyaran yau sai sati mai zuwa ake ganinsa a kiret, haka ma ɓarnar yau. A sati na uku na koma 168. Ban sake ganin 180 a wannan garken ba.

Yadda za ka bambance da cuta

Matsalar haske ko abinci a hankali take saukar da ƙwai, kaji kuma suna nan da kuzarinsu. Idan kuwa ƙwai ya faɗi warwas cikin kwana biyu ko uku, jan ɓawon ya koɗe ya koma fari-fari, wasu suka fito a yamutse, farin ƙwan ya tsinke kamar ruwa, ko ka ji minshari da dare, ko ka ga koren kashi da murɗewar wuya, wannan ba aikin laimiston ba ne. Cutar Niyukasil da mashaƙon kaji suna yin haka. Ka kira likitan dabbobi, ko ka kai kaza biyu asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a duba. In mutuwa ce ta zo da yawa farat ɗaya, kada ka sayar, kada ka yanka, ka sanar da jami'an dabbobi saboda murar tsuntsaye.

Wani lokacin kuma garken lafiya lau yake, wasu ne a ciki suke ci ba sa biya. Da dare ka bi su ɗaya-ɗaya da tocila. Mai ƙwai zankonta ja ne mai laushi, duburarta da danshi, kuma yatsu biyu zuwa uku suna shiga tsakanin ƙasusuwan nan biyu da ke gefen duburar. Wadda yatsa ɗaya kawai ke shiga, zanko ya bushe ya ƙanƙance, ka ware ta sati ɗaya ka gani, in ba ta yi ba ka kai ta kasuwa.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da littafi a rataye a ƙofar ɗakin. Layi ɗaya kullum: ƙwai nawa, masu tsagewa nawa, kilo nawa aka zuba, nawa ya rage, jarka nawa suka sha, da ƙarfe nawa fitila ta mutu. Wanda ya rufe ɗakin da dare shi zai cike gurbin ƙarshen, bayan ya tsaya ya ga mutuwar fitilar da idonsa.